Risho Mai Jar Wuta da Hayaƙi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lagwani da Wankin Kan Risho

Waɗannan su ne tambayoyin da masu girki da rishon kananzir suka fi maimaitawa a nan Damagaram, musamman daga shigowar hunturu zuwa tsakiyar bazara. Magana ce a kan risho mai lagwani da yawa, irin wanda ake murɗawa lagwanin ya hau ko ya sauka. Risho mai famfo aikinsa daban ne, bai shigo nan ba.

Me ya sa wutar risho take yin ja ko rawaya, ta riƙa baƙanta gindin tukunya?

Abin da ke ci a risho tururin kananzir ne. Lagwani yana tsotso man daga tanki ya kai shi sama, zafi ya mai da shi tururi, tururin ya bi tsakanin gwangwanayen nan biyu masu huji-huji da ke zagaye da lagwanin, na ciki da na waje. Ta waɗannan ƙananan hujin iska take shiga ta gauraya da tururin. Idan iskar ta wadatar, man yana ƙonewa gaba ɗaya, sai a ga wuta shuɗiya mai tsabta. Idan tururin ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, wani ɓangare na man ba ya gama ƙonewa, sai ya zama ƴan ƙananan ƙwayoyin gawayi. Su ne ke yin haske rawaya a cikin harshen wutar, su ne kuma ke manne wa tukunya su zama baƙi.

Saboda haka duk jar wuta a risho tana komawa ga ɗayan abu biyu: ko mai ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. Mai yana yawa idan lagwani ya yi tsawo ko bakinsa ya baje. Iska tana raguwa idan huji sun toshe ko gwangwanin bai zauna daidai ba. Akwai na uku da yake zuwa jefi-jefi, wato man da kansa ba shi da kyau, kuma an ware masa tambaya a ƙasa.

Da na kunna wutar ja take yi, daga baya ta koma shuɗiya. Wannan matsala ce?

A'a, haka risho yake. Sai gwangwanayen sun ɗauki zafi kafin tururi da iska su haɗu yadda ya kamata, kuma wannan yakan ɗauki minti biyu zuwa biyar. A bar shi a ƙaramar wuta har harshen ya hau saman gwangwanin ya yi shuɗi, sannan a ɗora tukunya. Mai gaggawar ɗora tukunya mai sanyi tun wutar tana ja, shi ne yake shan wankin baƙi.

Ta yaya zan gane ko laifin lagwani ne ko na gwangwanin?

A kunna rishon a inda babu iska, a bar shi ya yi zafi, a duƙa a kalli wutar ba tare da tukunya ba. Wurin da jan yake shi ne zai nuna inda ciwon yake. Idan harshe ɗaya ko biyu ne suka zarce sauran suna tsiri sama da ja, alhali sauran zagayen shuɗi ne, to lagwanin da ke ƙarƙashin wurin ya fi ƴan uwansa tsawo. Idan rabin zagayen ne ja gaba ɗaya, akwai gwaji mai sauƙi. A kashe, a bari ya huce, a juya gwangwanin rabin zagaye a mayar, a sake kunnawa. Jan ya bi gwangwanin ya koma ɗaya gefen? Huji ne suka toshe, ko ƙarfen ya lotsa. Jan ya tsaya inda yake? Lagwani ne, ko kuma rishon ya karkace a inda aka ajiye shi.

Idan kuwa zagayen duka ja ne, a fara rage wutar kaɗan. Ta koma shuɗiya, to dama an murɗa ne fiye da kima. Ta ƙi komawa ko a ƙaramar wuta, to gwangwanin bai zauna a gurbinsa ba ko man ne gurɓatacce. Sau da yawa ɗan girgiza gwangwanin hagu da dama ta marikinsa har a ji ya faɗa gurbi yana gyara wutar nan take, domin ko ɗan tsagin da ya rage a ƙasa yana ɓata yadda iska ke bi ta hujin.

Yaya ake yanke lagwani daidai?

Da farko rishon ya mutu ya huce sarai. A fitar da shi tsakar gida, nesa da murhun gawayi da duk wata wuta. A ɗauke marufin sama da gwangwanayen a ajiye gefe, sai bututan lagwani su fito fili. A murɗa lagwani ya hau har ƙarshe a duba bakin kowanne. Lafiyayyen lagwani bakinsa baƙi ne kaɗan amma da laushi. Wanda ya lalace ya yi tauri, ya ɗaure da ƙonannen mai, idan an matsa shi da yatsa sai a ji kamar tsakuwa. Wannan taurin shi ke hana mai hawowa daidai, shi ne kuma abin da za a cire.

Dabarar da ta fi ita ce a bar bakin bututun ya zama ma'auni. A murɗa ƙasa a hankali har ya zama ƙonannen ɓangaren ne kaɗai ya leƙo, sannan a kwantar da almakashi mai kaifi a kan bakin bututun a yanke a miƙe, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an sake taɓa mamurɗin ba. Tun da bututan tsawonsu ɗaya, lagwanin ma za su fito kai ɗaya. Almakashi mai dakushi yana tauna zaren ya bar gashi-gashi, kuma kowane silin da ya miƙe sama harshen jar wuta ne gobe. Wanda ba shi da almakashi mai kyau ya sa sabuwar reza. Idan akwai lagwanin da ya nutse bai kai sauran ba, a jawo shi sama da hantsaki kafin a yanke, kada a rage sauran duka saboda guda ɗaya.

Bayan yanka lagwanin ya gajarta, don haka a murɗa sama har ƙarshe a duba abin da ya leƙo. Rabin santimita zuwa ƙasa da santimita ɗaya ya isa ga yawancin irin wannan risho. In bai kai ba, a jawo kowanne kaɗan da hantsaki a sake daidaita su. Sai a murɗa ƙasa har ƙarshe: dole ne dukansu su shige cikin bututu su ɓace. Wannan gwaji na ƙarshe ina roƙon kada a tsallake shi, domin lagwanin da ba ya shigewa shi ne rishon da ba ya mutuwa idan an rage shi, kuma daga nan ake fara yayyafa masa ruwa. A kakkaɓe guntayen da suka zuba a gindin bututan kafin a mayar da gwangwani, don su ma suna jiƙe da mai suna kamawa.

Sau nawa ya kamata a yi wannan yankan?

Babu ƙayyadadden lokaci, wutar ce ke faɗa. Gidan da ake girki safe da dare ya kamata a duba bakin lagwani duk mako. Ba kowane dubawa ne ke buƙatar almakashi ba. Idan tokar bakin tana da laushi, murje ta da tsumma ya wadatar, kuma lagwanin zai fi daɗewa.

Yaya ake wanke gwangwanayen masu huji?

A ɗaga gwangwanin sama a kalli rana ta cikinsa. Ya kamata haske ya ratso ta kowane huji. Inda aka ga duhu, nan iska ba ta shiga. Abubuwa uku ne suka fi toshe su a garin nan: baƙin hayaƙin rishon kansa, abincin da ya tafaso ya zuba, da ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari, ƙurar tana sauka a kan ƙarfe mai maiƙon kananzir ta manne ta zama laka. Rishon da ake bari a buɗe a tsakar gida yana iya toshewa ko ba a zubar masa da komai ba.

A fara da busasshen wanki. A goge ciki da waje da tsohon buroshin haƙori ko soson ƙarfe, a bubbuga a hankali dattin ya zube. Hujin da suka ƙi buɗewa a tsokane su da tsinken tsintsiya ko siririyar waya. Kada a sa ƙusa a faɗaɗa su, girmansu da gangan aka yi shi, kuma hujin da ya buɗe da yawa yana shigar da iska gefe guda ya karkatar da wutar. Idan abin da ya zuba mai danƙo ne, kamar kunu, madara ko ruwan shinkafa, a jiƙa gwangwanin cikin ruwan zafi da garin sabulu na ɗan lokaci, a goge, a ɗauraye, a shanya a rana har ya bushe ƙayau. Ƙarfen siriri ne, in aka mayar da shi da danshi tsatsa za ta ci shi, ruwan kuma zai ɗiga kan lagwani.

Kada a manta da farantin da gwangwanin ke zama a kai, wurin da bututan suka fito. Akwai gurbi zagaye a nan inda datti ke taruwa, kuma ko ƙwayar shinkafa ɗaya da ta ƙone a ciki tana iya ɗaga gwangwanin gefe guda. A duba ƙasan rishon ma, ta inda iska ke bi ta hau tsakiya, domin yanar gizo da ƙura suna taruwa a wurin.

Miya ta zubo a kan rishona, tun daga ranar gefe ɗaya yake ja. Daga ina zan fara?

Bari mu bi irin wannan daki-daki, da risho mai lagwani goma wanda miyar kuka ta tafaso ta gangara gefen hagu. Washegari an kunna, bayan minti biyar gefen dama shuɗi, gefen hagu ja da hayaƙi, kuma lagwani biyu a wurin suna tartsatsi suna ƙin kamawa sosai. An yi gwajin juya gwangwani da aka bayyana a tambayar gano mai laifi. Jan ya koma dama, amma tartsatsin ya tsaya a hagu. Wannan ya nuna matsala biyu ce a haɗe: huji sun toshe a gwangwanin, lagwani biyu kuma sun sha miya.

An cire gwangwanin waje an ɗaga shi a rana, sai ga wani fili mai faɗin yatsu uku inda layukan hujin ƙasa suka like da busasshiyar miya. Yauƙin kuka idan ya ƙone buroshi kaɗai ba ya fitar da shi, don haka aka jiƙa a ruwan zafi, aka tsokane hujin ɗaya-ɗaya, aka shanya. A gurbin farantin an kankare ɓawon miyar da bakin cokali. Lagwani biyun nan bakinsu ya yi fari-fari da gishiri ya kuma ƙandare. An jawo kowanne sama kamar santimita biyu da hantsaki aka yanke duk inda miyar ta taɓa, har aka iso zare mai tsabta mai jiƙe da mai. Daga nan aka daidaita goman duka a bakin bututu, aka gwada hawa da sauka, aka bar shi kamar rabin awa man ya hau sabon bakin.

Da aka kunna, zagayen ya yi shuɗi in ban da harshe ɗaya da ke tsiri. An kashe, an duba, silin zare ne guda ya miƙe a lagwani ɗaya. Yanka ɗaya ya gama da shi. Da an tsaya a wanke gwangwani kaɗai, da tartsatsin ya ci gaba a ɗora wa kananzir laifi. Da kuma lagwani kaɗai aka yanke, da jan bai tafi ba.

Na yanke lagwani, na wanke komai, har yanzu hayaƙi yake. Ko man ne?

Zai iya yiwuwa, musamman ga mai sayen na kwalba a bakin hanya, inda ba a san bidon da man ya kwana a ciki ba. A zuba kaɗan a farar kwalba mai tsabta a ajiye ya natsu. Kananzir mai kyau garau yake. Idan akwai ruwa a ciki zai kwanta a ƙasa, domin ruwa ya fi kananzir nauyi, kuma tun da gindin lagwani a ƙasan tanki yake, ruwan yake fara sha. Alamarsa tartsatsi da wuta mai raguwa tana ƙin hawa. Idan gazwal aka haɗa, man ya fi kauri da santsi a yatsa, warin hayaƙin ya fi nauyi yana sa hawaye, bakin lagwani kuma yana ƙandarewa cikin ƴan kwanaki ko da an yanke shi. Maganin duka biyun ɗaya ne: a juye tankin gaba ɗaya, a ɗauraye shi da ɗan kananzir mai kyau, a sa sabon lagwani, domin tsohon ya riga ya sha.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne man da aka gauraya da esansi. Kananzir sai ya kai zafin digiri 38 ko fiye kafin ya fitar da tururin da ashana za ta kama, esansi kuwa yana fitar da shi ko a cikin tsananin sanyi. Risho mai irin wannan man yana kamawa da "fuu", wutar ta yi tsalle ta ƙi bin mamurɗi, tankin kuma yana iya kamawa. Idan an ji warin esansi a man da aka sayo, kada a zuba shi ko kaɗan, kada kuma a ce za a tsarma shi da mai kyau. A tuna kuma cewa a Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40, wato ko tsabtataccen kananzir ya kai matakin da tururinsa ke kamawa. A wannan lokaci bidon mai da rishon kansa a inuwa ake ajiye su.

Yaushe ne yanka ba zai ƙara amfani ba, sai sabon lagwani?

Idan an yi ta jawo shi har gindinsa ya daina kaiwa ƙasan tanki, alamar ita ce wutar tana raguwa tun man bai ƙare ba, bakin lagwanin kuma yana cinyewa da sauri yana toka, domin zaren ne ke ci a madadin man. Haka nan idan ya sha ruwa ko gazwal, kamar yadda aka faɗa a tambayar mai. A sauya su duka lokaci guda. Sabo da tsoho ba sa jan mai daidai, wutar ba za ta daidaitu ba.

Wajen saye, a tafi da guntun tsohon lagwanin zuwa Kasuwar Dole ko inda aka saba, a gwada kauri. Na auduga ake nema. Wanda ya yi siriri yana zamewa cikin tanki, ya kuma bar tsagi a bututu wanda wuta za ta iya bi ta gangara. Wanda ya yi kauri yana matsewa, man ba ya hawa sosai, mamurɗin ma ya yi tauri har haƙoransa su lalace. Zaren leda ko na tsohon bargo ba ya aiki, narkewa yake ya like bututu. Ana zura sabon ne da siririyar waya da aka lanƙwasa biyu, a bar gindin ya kwanta a ƙasan tanki, a daidaita sama kamar yadda aka bayyana a tambayar yanka, a zuba mai a jira aƙalla rabin awa, awa ɗaya ta fi. Busasshen lagwani in aka kunna shi bakinsa ne ke ƙonewa tun ranar farko.

Ina yayyafa ruwa in kashe shi don ya daina wari. Akwai laifi?

Akwai, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo jar wutar da ake kuka da ita. Ruwan yana sauka kan ƙarfe mai zafi ya sa shi lotsewa da tsatsa, ya jiƙa bakin lagwani, sauran ya gangara tanki ya taru. A murɗa lagwani ƙasa har ƙarshe a ɗan jira, in akwai sauran wuta a hura ta daga gefe, fuska nesa. Rishon da ya ƙi mutuwa a haka lagwaninsa ya yi tsawo, a koma gwajin hawa da sauka. Warin da ke biyo bayan kashewa na sauran tururi ne, fitar da rishon waje na ƴan mintuna yana maganinsa.

Idan babu tukunya wutar shuɗiya ce, ina ɗorawa sai ta yi ja. Me ke nan?

Tukunyar ta danne hanyar fitar zafi. Wannan na faruwa da babbar tukunya mai faɗin gindi, ko idan ƙafafun da tukunya ke zama a kai sun lanƙwashe saboda nauyi, ta sauko kusa da bakin gwangwani. A miƙe ƙafafun, a rage wutar kaɗan. Tukunyar tuwon gidan biki ba ta risho ba ce.

Idan na jure baƙin tukunya, jar wutar tana da wata illa ga lafiya?

Tana da ita, kuma ta fi baƙin tukunya muhimmanci. Wutar da ba ta gama ƙone mai ba tana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Haɗarin ya fi yawa a daren sanyi, lokacin da ake shigar da risho ɗaki a rufe ƙofa da taga, wani ma ya bar shi a kunne don ɗumi. Alamun farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma sau da yawa mutanen ɗakin duka suke ji lokaci guda. In haka ta faru a kashe rishon, a buɗe ko'ina, a fita da kowa waje, yara da tsofaffi da masu ciki a gaba. Wanda ya suma ko ya rikice a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita hayaƙin risho ne. Ko wutar shuɗiya ce, a bar taga a buɗe yayin girki, kuma kada a kwana da risho a kunne.

Wuta ta taso daga ƙasa, wajen tanki. Me zan yi?

Idan hannu zai kai mamurɗi ba tare da ƙuna ba, a murɗa ƙasa. A rufe rishon da jiƙaƙƙen bargo ko buhun algarara mai kauri, ko a zuba masa yashi. Kada a watsa ruwa, domin kananzir yana hawa kan ruwa ya bazu da wutarsa, kada kuma a ɗauki rishon a ce za a jefa shi waje. In ta fi ƙarfi a fitar da mutane a kira masu kashe gobara a lamba 18.

Irin wannan wuta takan fito ne daga cika tanki har baki, ƙara mai alhali risho yana ci ko yana da zafi, siririn lagwani da ya bar tsagi, ko bututu guda da aka bari babu lagwani a ciki. A riƙa barin sarari kamar faɗin yatsu biyu a saman tanki, a zuba mai da mazurari bayan rishon ya huce, a goge abin da ya zuba kafin a kawo ashana. Tankin da tsatsa ta huda har yana naso a ƙasa ba a like shi da sabulu ko ƙaro a ci gaba da girki, sai dai a sauya tankin ko rishon.